Bayan Intabiyu: Wasiƙar da Nas Ke Rubuta wa Asibiti Kan Lasisi da Ɗakin Aiki

A manyan asibitocin gwamnati, intabiyun ɗaukar nas ba ya cin dogon lokaci. Ana kiran mutum ya shiga gaban kwamiti, a karɓi takardunsa na asali a juya su gaba da baya, a yi masa 'yan tambayoyi kan aikin jinya, kamar yadda zai yi da majinyacin da jininsa ya faɗi ko matar da ke zubar da jini bayan haihuwa, sannan a miƙo masa takardunsa a ce ya je sai an neme shi. Abin da ke da tsawo shi ne zaman jiran da ke biyo baya. Mako ya wuce, wata ya wuce, wayar ba ta yi ƙara ba, kuma babu wanda ya ce an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

Nas-nas da yawa kan cinye wannan lokaci da bin 'yan uwa da abokan arziki da ke aiki a asibitin suna tambayar ko an ji wani labari. Kaɗan ne ke zama su rubuta wasiƙa. Amma gajeriyar wasiƙar bibiya, idan an rubuta ta daidai, tana yin aikin da kamun ƙafa ba ya yi, domin tana zuwa kai tsaye kan abubuwa biyu da suka rage tsakanin nas da fara aiki: tantance lasisinta, da kuma ɗakin da za a tura ta. Waɗannan abubuwa biyu ba a hannun mutum ɗaya suke ba, kuma wadda ba ta san haka ba takan rubuta wasiƙar da za ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur ba tare da ta sami mai amsa ta ba.

Me ake tantancewa?

A Najeriya, babu wanda doka ta yarda ya yi aikin nas ko ungozoma sai wanda sunansa ke cikin rajistar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979, kuma hedikwatarta ke Abuja. Takardu biyu ne ke fitowa daga hannun hukumar, kuma jama'a kan rikita su. Akwai satifiket na rajista, wanda ke nuna cewa mutum ya ci jarrabawar hukumar an kuma shigar da sunansa, wannan sau ɗaya ake bayar da shi. Akwai kuma lasisin aiki, wanda ke ƙarewa bayan shekara uku, dole a sabunta shi. Mutum na iya riƙe satifiket mai kyau amma lasisinsa ya mutu, kuma a idon doka wannan ba shi da izinin taɓa majinyaci har sai ya sabunta.

Abin da kwamitin intabiyu ya yi a ranar shi ne gani da ido kawai. Ya ga takarda, ya ga hoto, ya ga hatimi. Tantancewa ta gaske tana zuwa daga baya, lokacin da sashen mulki na asibitin ya gwada lambar rajistar da bayanan hukumar, wani lokaci kuma ya rubuta wa makarantar da nas ta gama domin ta tabbatar cewa ɗalibarta ce. Wasu asibitocin kan yi haka kafin su ba da takardar ɗaukar aiki, wasu sai mutum ya zo cike takardun kama aiki, wasu kuma sai bayan ya fara. Shi ya sa tambayar farko a wasiƙar take da ma'ana: a wane mataki kuke tantancewa, kuma wane ne zai nemi tabbacin, ku ko ni?

Asibitoci ba don son wahalar da mutane suke tsananta wannan ba. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu a jihar Florida da suka sayar da takardun shaidar karatun nas na bogi fiye da 7,600. A wannan shekarar kuma hukumar nas-nas ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan. A gida ma, kowa ya san akwai waɗanda suka koyi allura da sa ruwa a wani ƙaramin asibitin kuɗi, unguwa na kiran su nas, alhali ba su taɓa zama jarrabawar hukumar ba. Asibitin da ya ɗauki irin wannan, aka kuma sami asarar rai a hannunsa, shi zai amsa tambaya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun da wuri, domin yana sa wasu nas-nas fargabar banza. A watan Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da sabbin ƙa'idoji kan tantance takardun masu son fita aiki ƙasashen waje, inda ta ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisi, ya kuma kawo takardar shaidar kyawun hali daga wurin aikinsa da makarantarsa. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, maganar ta kai Majalisar Wakilai, shugaban hukumar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. An rufe shafin tantancewar na tsawon watanni kafin a sake buɗe shi a watan Satumban shekarar. Duk wannan rigima a kan tabbacin da hukumar ke aika wa takwarorinta na ƙetare ne. Nas da ke neman aiki a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba wannan hanyar za ta bi ba, don haka bai kamata ta ruga ta biya kuɗin tantancewar waje ba saboda wani ya ce mata asibiti na son tantancewa. Ta tambayi asibitin tukuna abin da yake nufi.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wata nas mai rajista biyu, ta jinya da ta ungozoma, abin da ake rubutawa RN da RM. Ta yi shekara uku a ɗakin haihuwa na wani asibitin kuɗi, ta nemi aiki a wani babban asibitin gwamnati, aka yi mata intabiyu a farkon watan Maris. A ranar an ce mata sakamako zai fito nan da mako biyu zuwa uku. Yanzu an shiga Afrilu, shiru.

Idan ta zauna ta baje takardunta a kan tabarma ta dube su da idon ma'aikacin ofis, za ta ga abubuwa biyu da kwamitin bai tsaya a kansu ba. Na farko, satifiket ɗin jinya yana ɗauke da sunanta da na mahaifinta, domin tana budurwa ta yi karatun, amma takardar neman aikin da katin zama ɗan ƙasa suna ɗauke da sunan mijinta. Na biyu, lasisinta zai ƙare a ƙarshen watan Yuni.

Kowane ɗaya daga cikin biyun ya isa ya tsayar da fayil. Ma'aikacin da aka ba jerin sunaye ya gwada da rajista zai nemi sunan da ke kan takardar neman aiki, bai gan shi ba, sai ya sa alama ya ajiye fayil ɗin gefe. Ba lallai ba ne ya kira ta, domin akwai wasu fayil-fayil masu yawa a gabansa da ba su da matsala. Sabanin suna ba sai da aure yake faruwa ba. A ƙasar Hausa ruwan dare ne a ga Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, ko sunan gari ya bayyana a ƙarshen suna a satifiket ɗin sakandare ya ɓace a na makarantar jinya, ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar makaranta da lambar NIN. Maganin abin sananne ne: takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwar canjin suna a jarida, da takardar aure idan aure ne sanadi, sannan a nemi hukumar ta gyara nata bayanan. Amma sai nas ta san da matsalar kafin ta nemi magani, kuma gara ita ta fara faɗa kafin a gano.

Batun lasisi mai shirin ƙarewa ya fi wannan saurin kama mutum. A ranar intabiyu yana da rai, saura masa wata huɗu. Amma ɗaukar aiki a asibitin tarayya yana bin matakai da ba a hannun asibitin kaɗai suke ba: sai Hukumar Raba Daidai ta duba jerin sunayen ta amince cewa an yi wa jihohi adalci, sai kuma an shigar da sabbin ma'aikata tsarin biyan albashi na IPPIS. A jiha kuma sau da yawa Hukumar Kula da Asibitoci ce ke ɗauka, ita ke rarraba mutane zuwa asibitoci. Kafin a gama wannan, watan Yuni na iya zuwa ya wuce, nas ta isa wurin cike takardu da lasisin da ya mutu. Sabuntawa kuma ba ta yini ɗaya ba ce. Hukumar na buƙatar shaidar cewa mutum ya halarci kwas ɗin ƙaro ilimi na dole da ake kira MCPDP, wanda ake shiryawa a jihohi lokaci zuwa lokaci, sannan a biya kuɗi a cike bayanai a shafin hukumar, a jira. Wanda ya bari wa'adi ya wuce yana biyan tara. Saboda haka wannan nas, kafin ta taɓa alƙalami, abin da ya kamace ta shi ne ta fara sabuntawar, domin ta sami rasit ɗin da za ta liƙa a bayan wasiƙarta.

Wasiƙar kanta

Da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, tunda shi ne harshen ofis. A asibitin koyarwa ana sa adireshin babban daraktan asibitin, a nuna cewa hankalin daraktan mulki ake nema, a kuma aika kwafi ga shugabar sashen nas-nas. A sama ana rubuta kan magana a layi ɗaya: muƙamin da aka nema da ranar intabiyu, da lambar da aka ba mutum idan akwai. Ga yadda ma'anar tata za ta kasance da Hausa:

"Ranka ya daɗe, ina godiya da damar da aka ba ni ta halartar intabiyun ɗaukar nas-nas a ranar kaza ga watan Maris. Har yanzu ina da sha'awar wannan aiki, kuma na rubuto ne domin in sauƙaƙa tantance takarduna. Lambar rajistata ta jinya ita ce kaza, ta ungozoma kuma kaza. Satifiket ɗina na jinya yana ɗauke da sunana na kafin aure, don haka na haɗo da takardar rantsuwa da sanarwar jarida. Lasisina zai ƙare a ƙarshen watan Yuni, na riga na fara sabunta shi, ga kwafin rasit da shaidar halartar kwas. Ina roƙon a sanar da ni ko asibiti ne zai nemi tabbaci daga hukumar, ko akwai abin da ake so in kawo da kaina. Haka kuma, idan an ɗauke ni, ina so in san ko sabbin ma'aikata na zagaya ɗakuna ne da farko ko ana tura su ɗaki ɗaya kai tsaye. Na yi shekara uku a ɗakin haihuwa, zan so a yi la'akari da hakan, amma a shirye nake in yi aiki duk inda sashen nas-nas ya ga ya dace."

Shi ke nan, sai suna da lambar waya da sa hannu. Ba ta cika shafi ɗaya ba.

Abin lura a wannan wasiƙa shi ne abin da ta ƙi tambaya. Ba ta ce an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Wannan tambaya ce da babu ma'aikacin da ke da ikon amsa ta kafin a fitar da jerin sunaye a hukumance, kuma wasiƙar da ba a iya amsawa ajiye ta ake yi. Tambayoyinta biyu kuwa duk na tsari ne, ƙaramin jami'i ma zai iya amsa su ba tare da ya tona asirin kwamiti ba. Ba ta kawo maganar albashi ba, domin a aikin gwamnati matakin da za a ɗora mutum a tsarin CONHESS ya danganta da takardunsa ne, kuma zai fito a takardar ɗaukar aiki. Ba ta kuma ba da labarin halin da gidansu ke ciki ba, ko da kuwa gaskiya ne.

Lokacin aikawa ma yana da ƙa'ida. Idan kwamiti ya faɗi wa'adi, a bari ya cika a ƙara 'yan kwanaki. Idan bai faɗa ba, mako biyu ya isa ga asibitin kuɗi, na gwamnati kuwa gara a ba shi wata guda. Banda idan akwai irin matsalar sunan nan ko lasisi mai ƙarewa, a nan babu dalilin jira, domin gyara ake kawowa.

Hanyar isarwa ta fi yadda ake zato muhimmanci. Imel yana da kyau idan da shi asibitin ya gayyaci mutum, sai a amsa ta wannan adireshin, a haɗa takardun cikin fayil ɗaya da aka yi wa sikan mai kyau, wanda ake iya karanta lambobinsa, ba hotunan waya da aka ɗauka a karkace ba. Amma a yawancin asibitocin gwamnati takarda ce har yanzu ke tafiya. Nas ta buga kwafi biyu, ta kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ta dawo da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne shaidarta idan wata rana aka ce ba ta taɓa bayyana canjin suna ba. Takardun asali kuwa ba a barin su a hannun kowa. A nuna, a karɓe, a bar fotokwafi.

Wa ke raba ɗakuna?

Tambaya ta biyu ita ce mai buƙatar taka-tsantsan. Sashen mulki ne ke ɗaukar ma'aikaci, amma ba shi ke cewa ga ɗakin da za ka yi aiki ba. Wannan ikon sashen nas-nas ne, ƙarƙashin darakta ko shugabar sashen, wadda tsofaffin ma'aikata har gobe ke kira babbar metiron. Ita ce ke riƙe da lissafin kowane ɗaki: gadaje nawa ne, nas nawa ne, wa ya yi ritaya, wa ta tafi hutun haihuwa, wa ya ajiye aiki ya tafi Saudiyya ko Birtaniya. Kowane ɗaki sai an cike masa aikin safe da na yamma da na dare, kwana bakwai a mako. Idan sabbin ma'aikata suka zo, giɓin da ya fi ciwo take fara toshewa, kuma galibi ɗakin agajin gaggawa ne ko ɗakunan kwanciya na maza da na mata, inda majinyata suka fi yawa.

Wannan ne dalilin da ya sa wasiƙar ta nuna gogewa ta kuma bar zaɓi a hannun masu shi. Nas da ta rubuta cewa ɗakin haihuwa kaɗai za ta iya, ko ba ta aikin dare, tun kafin a ba ta aikin, ta sa wa kanta alama. Wadda kuma ta yi shiru gaba ɗaya tana iya samun kanta a ɗakin masu karaya alhali ɗakin haihuwa na kukan rashin ungozoma, domin wanda ya raba fostin ɗin jerin sunaye kawai ya gani, bai ga shekara ukun da ta yi tana karɓar haihuwa ba. Kwamitin da ya ji wannan a intabiyu ya watse, kuma ba lallai bayaninsa ya kai teburin metiron ba. Kwafin wasiƙar ne ke kai shi.

A nan ne kuma tambayoyin biyu suke haɗuwa, domin abin da aka tantance shi ke iyakance inda za a iya tura mutum. Mai rajistar jinya kaɗai ba a ba ta ɗakin haihuwa ta riƙe a matsayin ungozoma. Mai rajistar ungozoma kaɗai ba a sa ran a ɗora ta kan ɗakin maza masu ciwon ciki da na zuciya. Ungozomar karkara da nas ɗin karkara, waɗanda karatunsu ya fi gajarta, an horar da su ne domin ƙananan asibitocin matakin farko. Sannan ga masu ƙarin karatu na ƙwarewa bayan na farko: aikin tiyata, sa barci, jinyar yara, agajin gaggawa, kula da masu tsananin ciwo, wankin ƙoda. Arewa na da cibiyoyin da suka shahara da irin wannan horo, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Barnawa. Amma takardar makaranta kaɗai ba ta isa ba, sai an yi wa ƙarin karatun rajista a hukumar. Nas da ya gama kwas ɗin tiyata bai yi masa rajista ba, a takarda nas ne na gama-gari, kuma idan aka tura shi ɗakin kwanciya ba shi da hujjar ƙorafi. Idan rajistar na kan hanya, wasiƙar bibiya ce wurin faɗin haka, tare da shaida.

Haka abin yake ga waɗanda suka yi karatun jinya a Nijar ko Sudan ko Masar suka dawo gida. Digirinsu ba ya zama lasisi da kansa. Sai sun yi zaman sabawa da tsarin Najeriya a makarantar da hukumar ta amince da ita, sun zauna jarrabawarta, an yi musu rajista. Wanda ke tsakiyar wannan hanya ya faɗi matakin da yake a fili, kada ya rubuta abin da zai sa a ɗauka ya gama. Sabbin da suka fito daga makarantun gida suna jiran satifiket su ma haka, su ambaci takardar da ke hannunsu da sunanta da kwanan watanta.

Akwai dalilai na lafiya da ya halatta a ambata wajen rabon ɗaki, kuma ɓoye su ba dabara ba ce. Mai juna biyu tana da hujjar neman kada a sa ta inda ake ɗaukar hoton ƙashi ko inda ake haɗa magungunan kansa. Wanda bai gama allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, wadda ake yi sau uku cikin wata shida, ya kamata ya gama ta ko ya faɗa, musamman idan ɗakin wankin ƙoda ko tiyata ake shirin kai shi, inda hulɗa da jini ta fi yawa. Sai dai irin wannan bayani ya fi dacewa a kai shi ga shugabar sashen nas-nas ko likitan ma'aikata bayan takardar aiki ta fito, ba a wasiƙar da za ta bi ta hannun masinja da magatakarda ba.

Yadda ake karanta amsa

Amsar da ta fi kowace daɗi ita ce a kira nas a ce ta kawo takarda kaza, ko ta zo da na asali a sake gani. Wannan na nuna fayil ɗinta na motsi, ko da yake ba alkawarin aiki ba ne. Idan aka ce ana jiran amincewa daga sama, galibi gaskiya ce, kuma babu abin da wasiƙa ta biyu za ta ƙara. Idan shiru ya ci gaba, tunatarwa ɗaya bayan mako uku ko huɗu ta wadatar, a ambaci kwanan watan ta farko, a haɗa da sabon lasisin idan ya fito. Fiye da haka ya zama naci.

Akwai kuma amsar da ya kamata ta tayar da hankali. Wani ya bugo waya, ya kira sunan nas daidai, ya ce shi ma'aikacin asibitin ne, an ga wasiƙarta, amma sai ta turo kuɗin tantancewa ko na gyara mata fostin zuwa wani asusu mai sunan mutum. Kuɗin da ake biya wa hukumar gwamnatin tarayya ta hanyar Remita yake bi, da lambar biya da rasit mai sunan hukumar, ba ya shiga asusun wani. Cinikin guraben aiki ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansa a 2023, kuma akwai waɗanda suka biya suka karɓi takardar ɗaukar aikin da babu sunansu a ko'ina. Duk takardar da ta zo ta waya, a kai ta ofishin mulki na asibitin a tambaya ko tasu ce.

Kuskure na ƙarshe da ke cin nas-nas shi ne ajiye tsohon aiki da wuri. An ji daga bakin wani cewa suna ya fito, ko metiron ta ce a fara shiri, sai mutum ya miƙa takardar barin aiki, sannan amincewar da ake jira ta ɗauki wata biyar. Maganar baki ba takarda ba ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar a wurin aiki, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar, ko da yake yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu na iya neman fiye da haka, kuma asibitocin kuɗi da yawa wata guda suke rubutawa. Nas ɗin misalinmu, mai shekara uku, ta duba tata yarjejeniyar tun yanzu ta san kwanakin da ake bin ta. Ranar da takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunta, ta amsa a rubuce cewa ta karɓa, ta faɗi ranar da za ta iya kama aiki bayan ta cika wa'adin, sannan ta nemi takardar shaidar aiki daga tsohon asibitin, wadda ta ambaci ɗakin haihuwa da shekarun da ta yi a cikinsa. Wannan takardar za ta shiga fayil ɗinta, kuma ita za ta miƙa wa shugabar sashen nas-nas ranar da za a raba ɗakuna.